Ni zan yi jawabin abokin ango a dinar aminina, me zan faɗa a gaban surukansa?

Assalamu alaikum. Aminina zai yi aure nan da mako uku, kuma ni aka sa in yi jawabin abokin ango a wajen dina. Tun muna 'yan shekara shida muke tare, layinmu ɗaya a cikin birnin Kano, makarantar allo ɗaya, firamare ɗaya. Amaryar 'yar Zariya ce, sau biyu kawai na taɓa ganinta. Labarai sun yi mini yawa: ranar da aka kama mu muna satar mangwaro, da lokacin da na karye a ƙafa muna aji biyar ya yi wata biyu yana goya ni a keke zuwa makaranta, da kuma yarinyar da ya nema shekara uku abin bai yiwu ba, wadda har yanzu muke tsokanarsa da ita. Mahaifinsa ya rasu bara. Abokai na cewa in ba mutane dariya, ni kuwa ban taɓa riƙe makirfo ba. A takardar tsarin taron kuma an rubuta za a ɗaga kofi bayan jawabina. Ta ina zan fara?

Wani mai karatu daga Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Ka fara da tambayar kanka wa za ka yi wa maganar. Abokanku sun riga sun san ango ciki da bai, ba abin da za ka faɗa da zai zame musu sabo. Waɗanda ke buƙatar jawabinka su ne mutanen da ke zaune a ɗaya ɓangaren zauren: gwaggonnin amarya, yayyenta, ƙawayenta, da 'yan'uwan da suka biyo ta daga Zariya. Sun ɗauki 'yarsu sun ba mutumin da yawancinsu ba su sani ba sai a gaisuwa, kuma kai ne na farko da zai tashi a gabansu ya ce ya san shi tun yana yaro. Wato shaida za ka bayar. Idan ka riƙe wannan a ranka, zaɓen abin faɗa zai yi maka sauƙi, domin duk labarin da ba zai ƙara kwantar wa dangin amarya da hankali ba, to ba na wannan daren ba ne.

Kada kuma ka ce ai iyaye maza ba su cika zuwa dina ba, don haka an samu sarari. Gaskiya ne a gidaje da yawa alkunya kan hana su halarta, amma wayoyi nawa za a ɗaga maka? Kafin gari ya waye maganarka ta shiga zauren WhatsApp na dangi, mahaifin amarya ya kalla, mahaifiyar ango ta kalla. Magana zarar bunu ce dama can, balle yanzu da ake adana ta a waya.

Da wannan ma'aunin, labarin keke shi ne jawabinka, shi kaɗai. Dalili kuwa, a cikinsa ango ne ya yi abin kirki, ba sau ɗaya ba, kullum har tsawon wata biyu, a shekarun da yaro ba ya yin abu don a yabe shi. Wannan shi ne abin da uwar amarya ke son ji: cewa mutumin nan ba ya gajiya da ɗawainiyar wanda ke tare da shi. Da ka tsaya kana jera masa kirari, mai haƙuri ne, mai amana ne, mai son zumunci ne, ba wanda zai tuna, don a kowane biki haka ake cewa. Amma yaro ɗan aji biyar yana tuƙa keke da ƙato a bayansa, wannan hoto ne da zai zauna a zukatan mutane.

Zancen mangwaro yana iya shiga, amma jimla ɗaya tak, kuma ka juya shi yadda laifin zai faɗo kanka. Ƙa'idar barkwanci a irin wannan wuri ita ce dariyar ta hau kan mai magana, ango ya fita da girmansa. Kalmar "sata" ma ka bar ta. Kai ka san ƙuruciya ce, amma wata tsohuwa a can baya da ba ta ji farkon zancen ba, abin da za ta tafi da shi gida shi ne an ce angon ya taɓa sata. Ka ce "mun sha bulalar mai lambu a kan mangwaro", ma'anar ta fita, ba a kuma jingina masa mummunan suna ba.

Batun waccan yarinyar kuwa ka binne shi gaba ɗaya. Ba suna, ba habaici, ba irin su "bayan doguwar gwagwarmaya" ko "a ƙarshe dai Allah ya yi", domin da ka faɗi haka teburin abokai zai fashe da dariya, amarya kuma za ta gane akwai abin da kowa ya sani a kanta. A daren ba za ta ce komai ba, kanta na sunkuye. Bayan biki ne ango zai biya bashin, wataƙila ya daɗe yana biya. Ita ma waccan yarinyar tana da mutuncinta da danginta, ƙila ma tana gidan mijinta, kuma Kano duk girmanta ba a rasa wanda ya san wani a zauren biki. Ka kira abokan nan naku tun yanzu ka gaya musu ba wanda zai jefo sunanta daga wurin zamansa. Sau da yawa mai jawabi yana kiyayewa, sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ɓata komai. A cikin abin da za ka bari har da zancen kuɗin da aka kashe, da lefe, da wasan nan na "saura uku" da wasu ke yi wa ango a gaban amaryarsa. Wasu mazan za su yi dariya, amma ka ɓata wa amarya da danginta rai a daren da ya kamata su fi kowa farin ciki.

Sai rasuwar mahaifinsa, wadda ita ce ta fi buƙatar lura. Ka tambayi ango tun a wannan makon ko yana so a ambata. Wani yana so, wani kuma ya san in aka taɓo wurin ba zai iya riƙe kansa a gaban jama'a ba, kuma shekara ɗaya ba nisa ba ce. In ya amince, ka yi jimla biyu kawai: ka danganta tarbiyyar ango ga mahaifinsa, ka yi masa addu'ar rahama, ka dakata mutane su ce amin, sannan ka wuce. Kada ka kawo labarin jinya ko ranar jana'iza, kuma kada ka ce "da yana raye da ya ga wannan rana", don wannan jimlar ita ke sa ƙannen ango da gwaggonninsa kuka, daga nan kuma sai a yi minti goma ba a dawo daidai ba. Wurin da ya dace da ita shi ne tsakiyar jawabi, bayan labarin keke, saboda abin da zai biyo baya ya mayar da zauren kan farin ciki. Ka kira shi yadda ka saba tun kuna yara, Baba ko Alhaji ko Malam, ba da gundarin sunansa ba.

Game da amarya, ka tsaya a kan abin da ka sani. Wanda ya ga mace sau biyu in ya tashi yana cewa ba ta da na biyu a haƙuri da ladabi, danginta sun san cika baki yake yi, kuma hakan zai rage darajar shaidar da ya bayar a kan ango. Yabon kyaunta kuwa ba hurumin abokin miji ba ne. Abin da kake da shi na gaskiya shi ne canjin da ka gani a wajen amininka tun da ya fara nemanta, ko wata magana mai kyau da ya taɓa faɗa maka a kanta wadda ya yarda ka maimaita. Ka gode wa iyayenta da suka ba ku, ka yi musu alkawarin riƙon amana a madadin abokai. Tunda Kanawa da Zagezagi abokan wasa ne, kana da damar tsokana ɗaya mai laushi, kuma za ta karɓu don kowa ya san wasan. Ɗaya dai, kuma a kan gari, kada ta taɓa gidansu.

Tsawon jawabin kada ya wuce minti uku. Mai magana a natse yakan faɗi kalma 120 zuwa 130 a minti ɗaya, don haka abin da za ka rubuta bai wuce kalma 350 ba, in ka bar wa dariya da amin gurbinsu. Za ka ga kamar ya yi kaɗan ga zaman shekara ashirin da wani abu, amma ka tuna yadda dina take: an ce ƙarfe bakwai, amarya ba ta shigo ba sai tara, masu zaure suna da lokacin rufewa, ana rabon abinci, ga yanka kek da liƙi na jira. Bayan minti uku ƙarar cokula da hira za su rufe muryarka, in ka kai biyar mai gabatarwa zai fara matsowa kusa da kai yana murmushi.

Ga yadda zai iya kasancewa. Ka sa sunanka da nasa, ka kuma gyara duk abin da bai yi daidai da yadda ya faru ba:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da yayyenmu, musamman baƙinmu da suka taso daga Zariya, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci. Ni ne wane, kuma tun muna shekara shida nake tare da ango. Allonmu a jingine wuri ɗaya, bencinmu ɗaya a firamare, har bulalar mai lambu tare muka sha a kan mangwaro, duk da dai ni na kawo shawarar.

"Abu ɗaya zan gaya muku a kansa. Muna aji biyar na karye a ƙafa. Ba wanda ya sa shi, amma kullum da safe sai in ji ƙararrawar kekensa a ƙofar gidanmu. Ya goya ni mu tafi, in an tashi ya dawo da ni. Na ɗauka kwana uku zai yi ya gaji, don ko a lokacin na fi shi nauyi. Wata biyu ya yi, bai taɓa fashi ba, kuma har yau bai taɓa yi mini gori ba.

"Wannan hali a gida ya samo shi. Tarbiyyar Baba ce, Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa.

"Iyayen amarya, mun gode da kuka ba mu. Mun san ba ƙaramin abu ba ne Bazazzagi ya yarda ya ba Bakano 'yarsa. Ina shaida muku cewa kun ba mutumin da in ya ɗauki nauyi ba ya saukewa a hanya, kuma mu abokansa za mu taya shi riƙon wannan amana. Amarya, tun da ya fara zuwa gidanku muka ga ya ƙara natsuwa, mun kuma san daga inda abin ya fito. Barka da zuwa cikinmu.

"Ina roƙon kowa ya taya ni da amin. Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Na gode."

Ka lura gaisuwar farko jimla biyu ce kawai. Masu jawabi da yawa a nan suke cinye rabin lokacinsu, suna jera Alhaji wane da Hajiya wance da mai girma wane, kuma duk wanda ya fara lissafin sunaye sai ya manta wani, wanda aka manta ɗin kuma shi zai riƙe abin. Gaisuwa ta gaba ɗaya ta wadatar, tunda mai gabatarwa ya riga ya yi ta manyan baƙi. Ka lura kuma ba a ce "ni ban iya magana ba" ko "ba a sanar da ni da wuri ba". Neman afuwa tun kafin a fara yana sa mutane su koma kan wayoyinsu. A labarin keken, ƙararrawar nan ta ƙofar gida ita ce ke sa mai sauraro ya ga abin da idonsa. In kekensa ba shi da ƙararrawa, ka nemo abin da ka tuna da gaske, ko kiran sunanka da yake yi daga zaure, ko jakar littattafanku biyu da yake ratayawa a wuya. Kada ka ƙirƙira, don akwai waɗanda suka san lokacin a cikin zauren.

Addu'ar da aka rufe da ita ta zo a hadisin Abu Huraira wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, ita Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa wanda ya yi aure. Ma'anarta Allah ya yi maka albarka, ya saukar da albarka a kanka, ya haɗa ku cikin alheri. Ka je wurin wanda ya iya ya saurare ka kafin ranar, domin kuskuren Larabci a makirfo ba ya ɓuya, kuma ba a rasa malami a cikin taro.

Wannan ya kawo mu kan ɗaga kofi. Al'adar Turawa ce, a wurinsu mai jawabi kan rufe da kiran jama'a su ɗaga kofin giya su kurɓa don fatan alheri ga ma'aurata. Masu shirya biki a nan sukan kwafo tsarin taron yadda yake, sai a zuba lemo a maimakon giyar. Wasu gidajen ba su ɗauke shi komai ba, wasu kuma suna ƙyamarsa saboda asalinsa, kuma ba ka san ra'ayin dangin amarya ba. Ka tambayi ango ko su suka nemi a sa, ko kuwa mai shirya taron ne ya rubuta kawai. In ba su damu da shi ba, shawarata a cire, amin ɗin da zaure zai amsa gaba ɗaya ya yi aikin da ake so kofin ya yi. In kuwa suna so, to ka tabbatar an zuba abin sha a kofuna kafin ka tashi, ka ajiye naka a kan tebur kusa da kai, ka yi addu'ar tukuna, sannan ka ɗauka ka ce a taya su murna. Abin da ke lalata wannan shi ne mai jawabi ya ce a ɗaga kofi alhali rabin teburan ba komai a kansu sai robar ruwa, ko ya tsaya da makirfo a hannu ɗaya, takarda a ɗaya, yana neman na ukun da zai riƙe kofi.

Mako ukun da ke gabanka sun isa. A na farko ka rubuta jawabin cikakke, ka zauna da ango ku warware maganar mahaifinsa da ta kofi. Ba sai ka karanta masa duka ba, amma ka gaya masa labarin da za ka bayar, don abin da kake gani alheri ne shi wataƙila yana jin nauyin a faɗa. A na biyu ka riƙa faɗarsa da ƙarfi, a tsaye, sau biyu a rana, kana ɗauka a waya kana duba minti. Karatu a zuci ba ya nuna inda harshe zai sarƙe. Duk jimlar da ka yi tuntuɓe a kanta sau biyu, ka sauya ta da yadda za ka faɗa a hira. Sannan ka karanta wa mace babba guda ɗaya, yayarka ko gwaggonka, kana kallon fuskarta. Inda ta ɗaure fuska ko ta kau da kai, ka cire, ko da abokai sun ce nan ne daɗin. A mako na uku ka rage rubutun zuwa ƙaramin kati mai layi biyar: gaisuwa, keke, Baba, iyayen amarya, addu'a. Jimlar farko da addu'ar ƙarshe kaɗai za ka haddace kalma da kalma. Wanda ya haddace duka in kalma ɗaya ta ɓace masa sai komai ya tsaya, wanda kuma ya karanta daga waya kansa na ƙasa har ya gama, ga hasken allo na mutuwa, ga kira na shigowa. Ka yi shi da Hausa. In akwai baƙin da ba sa ji, jimla ɗaya ta maraba da Turanci ta ishe su.

A daren kuma babbar matsalarka ita ce kai ne babban aboki, wato kai ake nema kan motoci, katin shiga, kujerun baƙi da kuɗin mai hoto. Ka damƙa wa wani aboki wayarka da waɗannan hidimomi minti ashirin kafin lokacinka, ka zauna, ka sha ruwa, numfashinka ya daidaita. Tun kafin a fara taro ka sami mai gabatarwa ka gaya masa sunan da zai kira ka da shi, ka tambaye shi bayan wa za ka yi magana, ka roƙe shi abu biyu: DJ ya kashe kiɗa gaba ɗaya, kuma a dakatar da liƙi har ka gama. In aka bar kiɗa a ƙasa-ƙasa na baya ba za su ji ka ba, in kuma abokai suka taso suna maka liƙi a tsakiyar labari, zaren maganar ya tsinke ke nan.

Makirfo ka riƙe shi kusa da baki, tazarar yatsu uku zuwa huɗu, kuma in ka juya kai ya bi bakinka. Sabon mai riƙewa yakan fara daidai, sai hannu ya yi ta sauka har ya kai ƙirji, murya ta ɓace. Kada ka dunƙule kansa da tafin hannu, kada kuma ka tsaya a gaban lasifika, abin da ke jawo ƙarar nan mai huda kunne ke nan. In ta tashi, ka matsa gefe, ka kau da makirfon daga saitin lasifikar. Ka tsaya inda ango da amarya ke gefenka, jama'a na gabanka, don kada ka ba kowa baya. Sallamarka ita ce gwajin sauti: ka yi ta, ka jira a amsa. In teburan baya sun amsa, ana jin ka. In ba su amsa ba, ka matso da makirfon ka sake yi.

Tsoro zai sa ka sauri, don haka ka yi magana a hankali fiye da yadda kake jin ya dace. In an yi dariya ka tsaya ta lafa kafin ka ci gaba, in kuma ba a yi ba ka wuce abinka, kada ka maimaita ko ka yi bayanin wasan. Wurin ambaton Baba muryarka na iya rawa, tunda kai ma a gabansa ka girma. In hakan ta faru ka yi shiru, ka ja numfashi sau biyu, ka dubi katinka maimakon fuskar ango, don in kuka haɗa ido ku duka biyun za ku karye. Jama'a za su cike maka shirun da amin. In kuma komai ya ɓace maka gaba ɗaya, ka tafi kai tsaye ga godiya ga iyayen amarya da addu'ar da ka haddace, ka miƙa wa mai gabatarwa makirfo a hannunsa, ka je ka yi musabaha da ango, ka gaida amarya daga inda kake tsaye, ka koma mazauninka.